Yadda za ki gane ko gudunki ake yi ko kuwa zuciyarki ce ta yi miki fassara

Da an gama girbi an shigar da hatsi rumbu, ƙauyukanmu na wajen Ringim, Gumel da Ɗambatta sai su fara yin shiru. Maza sun tafi ci-rani, wasu Legas, wasu Fatakwal, wasu nan Kano cikin birni. Daga nan har faɗuwar ruwan fari, aure da yawa a kan waya yake tafiya. A wannan tsakanin ne mai irin zuciyar da zan yi magana a kanta take shan wahala fiye da kowa: ta kira ba a ɗauka ba, kafin la'asar ta riga ta gama yanke hukunci cewa an daina sonta. Da mace zan yi misali saboda ita aka fi bari a gida, amma maza masu wannan hali suna nan da yawa, kuma matakan duk ɗaya ne.

Daga ina abin yake tasowa

Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ingila, John Bowlby, shi ya fara tsara bayanin cewa an halicci jariri da buƙatar manne wa mai renonsa, kuma yadda ake amsa kukansa shi yake koya masa abin da zai yi tsammani daga mutane. Abokiyar aikinsa Mary Ainsworth ta zauna da iyaye mata a ƙauyukan Uganda a 1954 zuwa 1955 tana kallon yadda suke da 'ya'yansu, daga baya ta ci gaba da aikin a Amurka. Ta lura akwai yaran da idan uwa ta fita ta dawo, sai su ruga gare ta, ta ɗauke su, su yi shiru su koma wasa. Akwai kuma waɗanda za su ruga, a ɗauke su, amma kukan ba ya tsayawa: suna riƙe ta suna kuma ture ta. Waɗannan na biyun galibi su ne waɗanda kulawar da suke samu ba ta da tabbas, yau a amsa musu nan take, gobe su yi ta kuka ba wanda ya waiwaya. Yaron da ya tashi a haka yakan koyi abu biyu: kada ya ɗauke ido daga mai renonsa, kuma idan yana son a kula shi, sai ya ɗaga murya.

A 1987 Cindy Hazan da Phillip Shaver suka nuna irin wannan tsarin yana bayyana a soyayyar manya. A cikin Amurkawan da suka tambaya, kusan mutum ɗaya cikin biyar ya siffanta kansa da cewa kullum yana cikin fargabar wanda yake so bai son shi da gaske, ko kuma zai bar shi. Wannan ita ce shaƙuwa mai ɗar-ɗar. Ba ciwon hauka ba ce, ba kuma rashin tarbiyya ba. Kada a ɗora wa uwa dukkan laifin: yanayin halittar mutum yana da nasa kaso, haka ma abin da ya same shi da girmansa. Wadda aka taɓa miƙa wa takardar saki ba zato ba tsammani, ko wadda ta ji labarin ƙarin auren mijinta a bakin 'yan rijiya, tana iya shiga aure na gaba da wannan fargabar. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma ma sai ya zabura.

Abin da ya fi amfani a gare mu shi ne yadda fargabar take ɓata karatun da mutum yake yi wa wasu. Wani gwaji da Chris Fraley da abokan aikinsa suka wallafa a 2006 ya nuna wa mutane hoton fuska tana sauyawa sannu a hankali, aka ce su tsayar da shi da zarar sun ga yanayinta ya canja. Masu ɗar-ɗar sun riga kowa tsayarwa, sun kuma fi kowa kuskuren faɗin abin da fuskar take nunawa. Amma da aka tilasta musu su kalla tsawon lokacin da kowa ya kalla, sai suka fi sauran dacewa. Ke nan idonki ba makaho ba ne, da gaske kin ga wani abu ya canja. Matsalar ita ce kin yanke hukunci tun kafin hoton ya gama fitowa. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan suke: a ba hoton lokaci.

Misalin da za mu bi

A ɗauka ga wata mata, mu ce mata Maman Ummi, shekara shida da aure, 'ya'ya biyu. Maigidanta yana Legas a kasuwar Mile 12 yana aikin sauke kayan gwari. Ranar Talata da hantsi ta kira shi, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta sake kira bayan azahar, haka. Ta yi masa filashin sau uku. Bayan isha'i ya kira: "Lafiya dai ko? Ya yaran? To madalla, sai da safe." Bai kai minti ɗaya ba. Washegari da ta shiga gaida surukarta, sai tsohuwar ta ce ai jiya sun daɗe suna magana da shi. Maman Ummi ta koma ɗaki gabanta yana faɗuwa. Kafin ta ɗora tukunya, ta riga ta ga budurwar da ya samu a Legas, ta ga lefe, ta ga kanta a gidan ubanta.

Mataki na farko: riƙe hannunki

Abin yana farawa ne a jiki kafin ya zama tunani. Faɗuwar gaba, ɗaurewar ciki, bushewar baki, hannu yana komawa kan waya kowane minti. Ki san naki alamun, domin su ne ƙararrawar da ke ce miki yanzu ba lokacin yanke hukunci ba ne. Ƙarfin abin da kike ji ba hujja ba ne a kan abin da ya faru. Gaba yana faɗuwa iri ɗaya ko an ci amanarki ko cajin wayarsa ne ya ƙare.

Ki kafa wa kanki doka tun kafin ranar ta zo: kira biyu, sannan ki ajiye wayar, ba za ki sake kira ko aika saƙon murya ba sai kin yi salla biyu a tsakani. Idan abin ya taso da azahar, sai bayan magariba. A wannan tsakanin ki yi abin da zai motsa jiki, daka, wanki, ɗebo ruwa, shara. Idan numfashi ya sarƙe, ki ja shi a hankali ki ƙirga huɗu, ki sake shi ki ƙirga shida ko bakwai, ki yi ta maimaitawa na 'yan mintoci. Fitar da numfashi mai tsawo yana rage bugun zuciya. Alwala ma tana taimakawa, kuma kin riga kin san abin da aka ce wa mai fushi: in yana tsaye ya zauna, in yana zaune ya kishingiɗa.

Ki kuma tambayi kanki abubuwa masu sauƙi da ake rainawa. Kin ci abinci? Kin yi barci jiya, ko goyo ya hana ki? Al'ada ta kusa? Mutum mai yunwa da rashin barci ya fi saurin karanta sharri a fuskar kowa.

Mataki na biyu: raba abin da kika gani da abin da kika fassara

Wannan shi ne ginshiƙin aikin, kuma ya fi yadda ake zato wuya. Ki ɗauka an kira ki shaida gaban mai unguwa, ya ce ki faɗi abin da idonki ya gani da abin da kunnenki ya ji kawai, ban da abin da kika fahimta. Idan kina rubutu, boko ko ajami, ki raba takarda gida biyu, ɗaya na abin da kika gani, ɗaya na fassara. Idan ba kya rubutu, ki ɗauki muryarki a waya ki saurara, ko ki faɗa a bayyane ke kaɗai a ɗaki.

Ga abin da Maman Ummi ta gani: kira biyu da filashin uku da rana ba a ɗauka ba. Ya kira da kansa da dare. Ya tambayi lafiyarta da ta yara. Kiran gajere ne. Surukarta ta ce sun daɗe suna magana.

Ga abin da ta fassara: ya ga kirana ya ƙi ɗauka. Muryarsa a sanyaye take. Ya gaji da ni. Yana da lokacin uwarsa, ni ce ba shi da lokacina. Akwai wata.

Ki lura da "ya ga kirana ya ƙi ɗauka". Ji take kamar abin da ya faru ne, alhali ba ta ga hannunsa ba, ba ta ga wayar ba. Ki lura kuma da "muryarsa a sanyaye". Sanyin murya na iya zama gajiya, na iya zama mura, na iya zama mutum ne kwance cikin maza shida yana magana ƙasa-ƙasa. Duk maganar da ta ƙunshi "ya ƙi", "da gangan", "don ya nuna mini", "ko a jikinsa", gidan fassara za ta, domin niyya ce, kuma niyya ba a ganinta da ido. Hatta "sun daɗe suna magana" ba ki san ko minti nawa ba ne a wurin tsohuwa, ba ki kuma san ko wa ya kira wani ba.

Akwai abu ɗaya da fargaba ta tsallake gaba ɗaya: shi ne ya kira da dare, da katinsa. Haka take yi kullum. Tana tattara abin da ya goyi bayanta, ta zubar da wanda ya saɓa mata. Don haka bayan kin gama jerawa, ki tambayi kanki da gangan: me ya yi a makon nan da wanda ya tsane ni ba zai yi ba?

Mataki na uku: auna shi da kansa

Abu ba ya zama alama sai ya saɓa wa yadda mutum ya saba. Tambayoyi uku ne a nan. Sabon abu ne? Ni kaɗai yake yi wa? Ya ɗauki lokaci yana yi?

Kuskuren da aka fi yi shi ne auna miji da lokacin zance ko watannin amarci, lokacin da yake kira sau biyar a yini. Wannan ma'aunin ba na gaskiya ba ne, ba wanda yake ɗorewa a haka. Ki auna shi da ci-ranin bara. Ki buɗe jerin kiran da ke wayarki ki duba makonni biyu ko uku da suka wuce. Da Maman Ummi ta duba, sai ta ga yawancin kiransa bayan isha'i ne, yawancinsu minti biyu zuwa uku, sai ranar Lahadi da yakan ɗan daɗe. Da rana kuwa ba kasafai yake ɗauka ba tun zuwansa. Ashe ba shi ne ya canja ranar Talata ba. Ita ce ta kira a lokacin da bai saba ɗauka ba, saboda ta tashi da kewarsa.

Tambaya ta biyu tana da sauƙin bincike ba tare da tonon asiri ba. Ƙaninsa ma yakan ce Yaya ba ya ɗaukar waya da rana? To ba ke ba ce. Ta uku kuwa, kwana ɗaya ko biyu ba su isa a gina komai a kai ba. Canjin da ya kai makonni uku ko huɗu yana tafiya gefe ɗaya, shi ne abin dubawa.

A nan dole a sa al'adarmu a lissafi, domin tana ƙara wa mai ɗar-ɗar wahala. Mu mutane ne masu kunya da kawaici. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, wata ko kallonsa ba ta yi a gaban mutane, kuma ba wanda ya ce ba ta son shi. Namijin da ya tashi a ƙauye yana iya shekara ashirin da mace bai taɓa ce mata yana kewarta ba, balle a gaban abokan kwanansa, balle a gaban mahaifiyarsa. Idan ya dawo daga tafiya, ɗakin tsohuwa zai fara shiga, ya daɗe, ya wuce ki a tsakar gida da "sannu da gida" kawai. Idan da fara'a da kalaman baki za ki auna irin wannan mutum, kullum faɗuwa zai yi. Ki duba inda irinsa suke ajiye kulawarsu: ya aiko da kuɗin cefane a kan lokaci, ya tuna da maganin Ummi, ya sa ƙaninsa ya gyara miki dangar da ta faɗi. Ban ce wannan ya wadatar da ke ba, kina da haƙƙin son magana mai daɗi, kuma za ki iya nema. Amma rashin iya magana daban, ƙiyayya daban.

Mataki na huɗu: kawo wasu dalilai uku, kowanne da abin da zai tabbatar da shi

Ba a ce ki yi wa kanki ƙarya ba, ko ki ce komai lafiya. Ki bar fassararki ta farko a jerin, ki ƙara mata uku, sannan ki tambayi kowacce: idan wannan ce gaskiya, me zan gani nan gaba?

Na Maman Ummi ga su. Ɗaya, aiki: mai ɗauke da kwandon tumatir a ka ba ya ɗaga waya, wataƙila ma tana wurin mai caji tun safe. Idan haka ne, zai ci gaba da kira da dare, ranar hutu kuma ya daɗe. Biyu, kunya: yana cikin mutane. Idan haka ne, duk ranar da ya kira daga waje shi kaɗai, muryarsa za ta saki. Uku, rashin kuɗi. Wannan mata da yawa ba sa kawo shi, alhali yana cikin manyan dalilan da ke sa magidanci gajarta waya. Mutumin da kasuwa ta yi masa tsaye, ya san idan hira ta yi tsawo za a zo maganar masara ta ƙare, sai ya gudu daga maganar, ba daga matar ba. Idan haka ne, aike zai yi jinkiri ko ya ragu, kuma doguwar maganarsa da tsohuwa wataƙila a kan bashin taki ce ko sayar da akuya. Huɗu, fassararta: hankalinsa ya koma wani wuri. Idan haka ne, kiran zai yi ta raguwa mako bayan mako, ranar Lahadi ma ta zama kamar sauran, ya daina tambayar abin da ya shafe ta, ya fara ɗaga ranar dawowa ba dalili.

Yanzu maimakon hukunci ɗaya, tana da abubuwa huɗu da kwanaki za su tace mata.

Idan za ki nemi ra'ayin wani, ki zaɓa da kyau. Ƙawar da za ta ce "ai maza duk haka suke, ki tashi tsaye" ba bincike za ta taya ki ba, wuta za ta ƙara. Haka mai kai ki wurin boka: kin je da zargi, zai sayar miki da tabbacinsa. Ki nemi mai natsuwa da ta san ku duka biyu, yayarki ko gwaggonki, ki karanta mata gidan abin da kika gani kawai, ban da fassara, ki ce: "Yaya, ke me kika gani a nan?"

Mataki na biyar: tambaya sau ɗaya, a fili

Mai ɗar-ɗar ba kasafai take tambaya kai tsaye ba, saboda tana tsoron amsar. Sai ta bi ta bayan gida: ta kashe waya don ta ga ko zai nemi ta, ta amsa gaisuwa a daƙile, ta yi habaici, ta sa yaro ya ce "Baba, Umma tana kuka", ta yi yaji, wata har ta ce "in ka gaji da ni ka sauwaƙe mini". Duk waɗannan roƙo ne na "ka matso kusa", amma shi abin da yake ji shi ne tuhuma, sai ya ƙara ja da baya, ita kuma ta ce ga shi na faɗa. Geraldine Downey da abokan aikinta sun bibiyi masoya a wani bincike da suka wallafa a 1998, suka ga masu yawan tsammanin za a ƙi su sun fi saurin rabuwa da abokan zamansu, kuma yadda suke yi a lokacin saɓani yana cikin abin da ke jawo hakan. A wurinmu abin ya fi haɗari, domin kalmar saki ba a wasa da ita. Mace ta nema don gwaji, namiji ya furta cikin zuciya, a wayi gari ana neman malamin da zai yi fatawa.

Ki zaɓi lokacin da ya saba sakewa, ga Maman Ummi ranar Lahadi. Ki gaisa yadda aka saba, a gama maganar yara. Sannan abu uku a jere: abin da kika gani, abin da kika ji a ranki, abin da kike roƙo. Misali: "Baban Ummi, ranar Talata na kira da rana ban same ka ba, da dare kuma ba mu daɗe ba, sai hankalina ya tashi, na ce ko na yi maka wani laifi ne. Don Allah in da wani abu ka faɗa mini. In kuma aiki ne, ka gaya mini lokacin da ya fi maka sauƙi in riƙa kira." Ba "kullum", ba "ka canja", ba maganar tsohuwa. Sa surukarki a cikin wannan magana ba abin da zai jawo sai sabon faɗa.

A ce ya amsa: "Haba, wane irin laifi? Motoci ne suka shigo da yawa, wayar ma tana wurin caji. Ki riƙa bari sai bayan isha'i." Ga inda aikin yake: ki karɓa. Zuciyarki za ta yi sanyi na awa biyu, sannan ta ce "to ai ba zai faɗa miki gaskiya ba", ta tura ki ki sake tambaya. Kada ki sake. Neman tabbaci a kai a kai yana kwantar da hankali na ɗan lokaci, amma yana koya wa zuciya cewa ba za ta iya zama ba sai da shi, shi kuma wanda ake tambaya yana gajiya, amsarsa ta fara fita da ƙosawa, ƙosawar ta zama sabuwar hujja. Abin da ya fi tambaya sau goma amfani shi ne yarjejeniya ƙarama mai tabbas: kira bayan isha'i, in ba zai samu ba ya yi filashin ɗaya ki san lafiya. Mai ɗar-ɗar ba yawan kira take buƙata ba kamar sanin yaushe ne na gaba.

Mataki na shida: riƙe lissafi

Duk lokacin da ƙararrawar ta buga, ki rubuta abu biyu a bayan littafin adashi ko wata takarda: abin da na yi zaton zai faru, da abin da ya faru bayan kwana uku. In ba rubutu, ƙwayar wake a gwangwani ɗaya idan zaton ya tabbata, a wani gwangwanin idan bai tabbata ba. Bayan wata ɗaya ko biyu ki duba. Amfaninsa shi ne fargaba ba ta tuna lokutan da ta yi kuskure, sai an ajiye mata shaida. Ranar da gabanki ya sake faɗuwa, kina da abin da za ki nuna mata wanda ba lallashin wani ba ne, lissafinki ne da hannunki. Abin ba ya gushewa a wata guda, amma tsawon lokacin da yake riƙe ki yana raguwa, kuma zama da mutum mai tabbas na shekaru yana sassauta shi sosai.

Idan lissafin ya nuna kin yi gaskiya fa?

Yana faruwa, kuma wannan hanya ba an yi ta don a wanke maza ba ne. Mai ɗar-ɗar tana iya faɗawa rami na biyu: ta saba a ce mata "zarginki ya yi yawa" har ta daina yarda da idonta ko da abin ya fito fili. Akwai abubuwan da ba sa buƙatar wata fassara. Ya daina ciyarwa alhali yana samu. Watanni ba kira ba aike, kuma yana kiran wasu. Zagi, gori, duka, barazanar saki a kan kowane ƙaramin abu. Kin kama shi da ƙarya a kan abu bayyananne ba sau ɗaya ba. Kin yi tambaya cikin ladabi, amsar ita ce wulaƙanci ko a kashe waya a kunnenki, kuma haka ake yi duk lokacin da kika tambaya. A gidan da ke da kishiya, ki bambanta tsakanin "ya fi yi mata dariya", wanda fassara ce, da tauye miki kwana ko cefane, wanda abu ne da ake ƙirgawa. Irin waɗannan ba numfashi ko haƙuri ne maganinsu ba. Ki kai maganar ga waliyyinki ko wani babba da yake jin nauyinsa, in ta ƙi a je ga limami, mai unguwa ko ofishin Hisbah. Takardar da kika riƙa rubutawa za ta yi miki amfani a nan, domin za ki zo da ranaku da abin da ya faru, ba kuka kaɗai ba. Inda akwai duka, tsira da lafiyarki ke gaba da kowane bincike.

Akwai kuma lokacin da abin ya wuce a yi shi a gida. Idan kin kai mako biyu ba barci, ba cin abinci, ba abin da ke miki daɗi, kina kuka ba dalili, musamman a cikin jego ko watannin bayan haihuwa, ki je asibiti ki faɗa wa ma'aikacin lafiya yadda kike ji, ba ciwon kai kawai za ki ce ba. Idan tunanin cutar da kanki ko jaririnki ya zo miki, a ranar za ki gaya wa wani babba a gidan, a tafi da ke. Haka idan zargin ya kafe har ba hujjar da ke motsa shi, mutum yana bin sawu, yana binciken kaya, yana tsare matarsa da tambaya cikin dare, wannan ya fi kama da lalurar da ke buƙatar likita, kuma ya fi haɗari idan namiji ne ke yi. Daga asibitin ƙaramar hukuma ana iya tura mutum asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a Jigawa kuma akwai na Kazaure. Ki tafi da wanda ya san halin da kike ciki a 'yan makonnin nan, domin likita zai so ya ji daga bakinsa shi ma.